Ranar da Armaya'u Ya Lallashi Mutanen Sin

In ka shigo Tambuwal kana neman shagon Armaya'u mai famfo, kada ka wahalar da kanka da tambaya. Tsaya kawai ka kasa kunne. Inda ka ji murya ɗaya ta danne ta masu babur da ta masu niƙa, nan ne. Za ka same shi zaune kan benci, famfon feshi kwance a cinyarsa an farke masa ciki, yana gyara yana yi wa mai famfon faɗa a kan ya bar magani ya kwana a tanki.

Mutumin Jabo ne. Ubansa manomi ne mai 'yan shanu, shi kuwa tun yana ƙarami shanu ba su so shi ba, shi ma bai so su ba. An ce ya taɓa tsayawa yana gardama da wani bijimi a kan hanya ta waye, har bijimin ya gaji ya kauce. Ya yi faci, ya yi gyaran babur, ya sayar da taki da mudu. Da maganin ciyawa ya shigo ƙasar nan, kowane manomi ya koma goya famfo a baya kamar mai jego, sai Armaya'u ya gane inda abincinsa yake. Ya iya famfo yadda matarsa Hinde ta iya tuwon gero: ido rufe.

Abu biyu kowa ya sani game da shi. Na farko, ba ya ba da haƙuri. Ko ƙafarka ya taka a sahu, abin da zai ce shi ne, "Ka ga inda ka aje ta ko?" Na biyu, ba ya cin amana. Kana iya mantuwa da famfonka a shagonsa shekara guda, ka dawo ka tarar da shi rataye, an goge shi, sai dai ka sha zagi kafin ka karɓa. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da mota. Sunan nan shi ne garkensa, shi yake kiwo.

To, ga yadda ya haɗu da mutanen Sin.

Famfunan da yake sarowa daga Kano sun riƙa ba shi kunya, yau roba ta tsage, gobe hannu ya karye. Wata rana ya ga lambar waya a jikin kwalin wani famfo mai kyau, ya sa aka latsa masa. Aka yi sa'a wani ya amsa, saurayi mai tallan kayan wata masana'anta a can ƙasar Sin, mai suna Liyo. Armaya'u ya ce wannan ba suna ba ne, ya raɗa masa Iliya. Shi ba Turanci ba, Iliya ba Hausa ba, amma waya tana fassara musu kame-kame, hoto yana cika sauran. Cikin 'yan watanni sun zama aminai. Iliya ya turo hoton jaririnsa, Armaya'u ya tura masa hoton ragon Hinde. Sau biyu ya yi ƙaramar oda, sau biyu kaya suka iso lafiya ta hannun Ɗangiwa, wani Basakkwace da ke zaune a birnin Gwanju na ƙasar Sin yana tara wa 'yan kasuwarmu kaya a sito yana loda musu a kwantena.

Daga nan fa kan Armaya'u ya fasu. Ko ruwa ka ce ya yi tsada sai ya ce, "Bari in tambayi Iliya."

Bayan an gama girbi, ƙungiyar manoman Fakku ta ƙasar Kebbe ta aiko masa. Shugabansu Baba Maccido, dattijo mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube, ya ce sun gaji da famfon hannu, kafaɗu sun mutu. Suna son mai batir, wanda za ka danna ya yi ta feshi da kansa. Sun sayar da gero da wake sun haɗa abin da ya samu, ga shi. Sharaɗi ɗaya ne, kaya su iso kafin ruwan fari, don feshin farko shi ne noma. In ciyawa ta riga ka, ta gama da kai.

"Baba Maccido," in ji Armaya'u, yana buga ƙirji, "kahin hadari shi taru, kowa na goye da nashi. In ba haka ba ku canza min suna."

Ya tura wa masana'anta kuɗin gaba ɗaya, bai tsaya rabi yanzu rabi in an gama ba kamar yadda masu wayo ke yi. Ai Iliya ne. Iliya ya turo takardar oda, ya ce kafin hutun sabuwar shekararsu kaya za su bar masana'anta. Armaya'u bai ko buɗe takardar ba. Takarda ta marasa aboki ce.

Hutun ya zo. Iliya ya turo hoton jajayen fitilu. Hutun ya wuce. Shiru.

Da fari Armaya'u ya yi kara. Ya aika gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, ina jariri. Shiru. Ya aika hoton famfo da alamar tambaya. Shiru. Ya kira Ɗangiwa.

"Wallahi Armaya'u ba abin da ya shigo sito da sunanka," in ji Ɗangiwa. "Ni abin da anka kawo min shi nika lodawa. Garin da masana'antar taka take, tahiya ta mai nisa daga nan. Na kira su, sun ce ba su san ni ba, mai kaya shi rubuto da kainai."

"In rubuta musu mi? Ba ga Iliya ba?"

"To ina Iliyan?"

Nan Armaya'u ya kashe waya.

Sanyi ya tafi, zafi ya fara leƙowa. Ranar kasuwar Kebbe ya hau babur ya kai hajarsa kamar kullum, ya shimfiɗa robobi da bakunan famfo. Sai ya lura mutanen Fakku suna wucewa ta bayan rumfarsa, ba ta gaba ba. Wani da ya saba tsayawa su yi musu ya ɗaga masa hannu daga nesa kawai. Wannan ya fi masa zagi ciwo. Can da la'asar Baba Maccido ya zo ya zauna, ya gaishe shi har da tambayar mutanen Jabo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce:

"Ɗana, magana ta fara yawo. Wasu na cewa babu wani Iliya. Wasu na cewa ka sai fili a Sakkwato."

"Ni? Fili? Wane ɗan..."

"Zamna. Ni ban ce ba. Amma ni anka ba amana, ni kuma na ba ka. Kasuwa mai zuwa ka taho muna da shaida, abin da ido ka gani, cewa kayan nan na nan kuma suna tahe. In babu, sai mu tai gaban hakimi, a yi ta a sarari. Ban so, amma ba ni iya tare bakin mutane da hannu."

Armaya'u ya dawo Tambuwal yana tuƙi yana magana shi kaɗai, har masu awaki suna kauce masa. A ce shi, shi Armaya'u, a tsayar da shi gaban hakimi ana tambayarsa ina kayan mutane! Ko an wanke shi daga baya, ai an riga an tsayar. Wanda aka taɓa kira ɓarawo a Kebbe, jikokinsa ma sai sun ji.

Yana isa gida ya zauna a zaure ya kama waya ya zazzage wa Iliya abin da ke cikinsa. Ya kira shi maci amana, ya kira shi ɗan damfara, ya haɗa da masana'antar da mai ita da wanda ya ɗora mata tubalin farko. Waya ta juya abin da ta iya juyawa zuwa Sinanci, ya tura. Hinde tana jinsa daga tsakar gida.

"In ka gama zagin waya," ta ce, "ga Ihsan can. Shekara nawa ta yi a ƙasarsu tana karatun magani? Kai kaɗai ne a garin ga ba ka san ta iya yarensu ba."

Ya sani sarai. Abin da ya hana shi, Ihsan ƙanwar Hinde ce, kuma tsakanin mutum da ƙanwar matarsa sai wasa, ita kuwa Ihsan ta mai da wasan sana'a. Tana aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, tana ba da magani da safe, da yamma ta zo ta ba Armaya'u ciwon kai. Tun ranar da ya fara zancen Iliya take ce masa, "Yaya, abokin da ba ka taɓa cin tuwo da shi ba, riƙe takardarsa." Ya ce mata boko ya ɓata ta.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Washegari bayan la'asar ya aika aka kira ta. Ta shigo da kwamfutarta a jaka, ta zauna kan tabarma tana murmushin da ya sa ya ji kamar ya fasa.

"Maigida ran ka shi daɗe. An ce Iliya ya yi yaji?"

"Ke, ban kira ki wasa ba. Rubuta musu za ki yi. Da yarensu, yadda za shi shige su. Ki ce musu ni Armaya'u..."

"Tsaya. Mu ga wayar."

Ta karanta abin da ya tura jiya. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Yaya, ka gode Allah ba wanda ya buɗe wannan. Duba, tun hutu ba a karanta saƙonka ko ɗaya ba. Wannan layin ya mutu. Can haka suke, in an tafi hutun sabuwar shekara, da yawa ba su komawa wurin aikinsu na da. Iliyanka ya canza gida, ya bar ka da gaisuwa."

"Ya tahi? Bai sallame ni ba?"

Wannan ya fi ƙona masa rai fiye da kayan. Mutumin da ya ga ragon Hinde! A Tambuwal ko mai shayi zai koma wata unguwa sai ya bi abokan cinikinsa ya ce ga wanda na bar muku.

"Ai ba da Iliya ka yi ciniki ba, da kamfani ka yi," in ji Ihsan. "Ina takardar oda?"

Sai da suka yi ta haƙa a cikin wayar, suka wuce hotunan famfo da na ɗaurin aure da wa'azin da aka turo masa bai saurara ba, sannan suka same ta. A sama ga lambar oda, a ƙasa ga adireshin imel na masana'anta da sunan manajan sashen ciniki, Wang. Suka nemo hoton shaidar biya. Ihsan ta buɗe masa imel da sunan shagonsa, ta gyara zama.

"To faɗi, ina ji."

Ya miƙe tsaye, don zagi ba ya fita daidai a zaune. "Ki ce: Kai Wang! Ku ji tsoron Allah. Kun karɓe dukiyar talakawa kun yi lamo..."

Yatsunta suna ta tafiya. Ya ji daɗi, ya ƙara wuta. Ya yi kusan rabin wa'azi sannan ya ce ta karanta masa.

Ta karanta: "Zuwa ga Manaja Wang mai daraja, barka da aiki."

"Mai mi?"

"Mai daraja. Haka ake buɗewa. Har da irin gaisuwar da ake yi wa babba, kamar yadda za ka ce wa Baba Maccido ku, ba kai ba."

"Baba Maccido ya ci min kaya? Goge!"

"Ban gogewa."

"Ihsan, ni anka cuta! Ni! Kuɗin mutane na hannunsu, sunana na yawo a kasuwar Kebbe kamar na ɓarawon akuya, kuma ni za ni duƙa in ce mai daraja? Ina darajar take? A sito?"

"Yaya, zauna in tambaye ka. In mutum ya zo shagonka ya ce kai ɓarawo ina famfona, me kake yi?"

"In kore shi."

"In ya dawo?"

"Nashi na ƙarshe da za ni taɓa."

"To Wang ma mutum ne, kuma shi bai ma san ka ba. Wasiƙa irin taka in ta faɗo masa, zai ga ba lambar oda, ba kwanan wata, sai ihu. Ya tura ta gefe ya sha shayinsa. Su kuma mutane ne masu tsananin son a tsare musu mutunci. Ka kunyata shi a rubuce, ko yana da gaskiyar ba ka sai ya ja ƙafa. Ka bar masa ƙofar fita, sai ya fito da kayanka a hannu."

Hinde ta leƙo daga madafa. "Durƙusa wa wada dai..."

"Ke kuma wa ya sa da ke? Ku biyu kun haɗa min kai a gidana!"

Amma ya zauna. Ihsan ta ci gaba, tana rubuta layi tana fassara masa, shi kuma yana karɓar kowane layi kamar allura.

A kan wasiƙar ta sa lambar oda da cewa tambaya ce game da lokacin fitar kaya, don mutum ya san abin da ke ciki tun bai buɗe ba. Bayan gaisuwa ta ce: ni ne Armaya'u daga Najeriya, abokin cinikinku, na gode da kyakkyawar hulɗar da muka yi a baya.

"Na gode? Da mi?"

"Oda biyu ba su iso lafiya ba?"

"Sun iso."

"To."

Ta rubuta ranar da aka yi oda, da irin famfon, da yawansa, da cewa an biya duka, ga shaida a haɗe. Ta rubuta ranar da aka yi alkawarin fitar da kaya. Sannan ta ce: har yanzu ba mu samu labarin fitarsu ba, kuma mun kasa samun Malam Liyo, mun san bayan hutu aiki yana yi muku yawa.

"Kin ba su hanzari! Da hannunki! Ni ban ce aiki ya yi musu yawa ba!"

"Ƙofar kenan da na gaya maka. Yi shiru, yanzu za mu shiga."

Ta jera tambaya uku, kowace a layinta. Shin an gama haɗa kayan? Wace rana za su bar masana'anta? Akwai wani abu da kuke jira daga wurinmu? A ƙarƙashi ta sa adireshin siton Ɗangiwa da lambarsa, da sunan da za a rubuta a jikin kwalaye, ta roƙi a turo hoton kayan in suna nan. Sai ta juyo.

"Yaushe ruwa ke sauka a Fakku?"

"Allah ka saukar da ruwa."

"Na sani. Yaushe ya saba saukarwa?"

Ya gaya mata. Suka ƙirga baya: tafiyar jirgin ruwa wata ɗaya da rabi ko fiye, fitarwa daga tashar Legas, hanya zuwa nan. Ta rubuta cewa manoma ne suka yi odar, damina tana farawa wajen ƙarshen watan Mayu, in kayan ba su hau jirgi a cikin wannan watan ba, amfaninsu na bana ya wuce. Ta roƙi amsa kafin ranar Juma'a.

Armaya'u ya ɗan saki fuska. Wannan dai ya yi kama da magana. "Ƙara musu da cewa in ba su amsa ba..."

"A'a. Rana ta ishe su. Mai hankali in ya ga rana ya ga sanda."

Sannan ta karanta rufewar: ku gafarce mu da wahalar da ku, mun gode ƙwarai, muna yi muku fatan albarkar kasuwa. Sunansa, sunan shago, lambar waya.

Nan fa aka yi ta. Armaya'u ya tashi har hularsa ta faɗi.

"Ku gafarce mu! Ni Armaya'u, da ban taɓa ba uban kowa haƙuri ba a ƙasar Tambuwal, yau ni ka neman gafarar wanda ya riƙe min kaya! Har da albarkar kasuwa! In yi musu addu'a su ƙara samun na cuta? Wallahi ba da sunana ba. Cire sunana ki sa naki!"

Ihsan ta rufe kwamfuta a hankali ta fara sa ta a jaka. "Shi kenan. Ka gaida min hakimi. Ka sa babbar rigarka mai aiki, ta fi kyau a gaban jama'a."

Ta kai bakin ƙofa. Ya dubi Hinde, Hinde ta dubi tukunya. Ya tuna mutumin nan da ya ɗaga masa hannu daga nesa.

"Ke. Dawo."

"Na'am, maigida?"

"Tura. Amma ki sani, bakina bai faɗa ba. Na'ura ta faɗa."

Ta tura. Ta ce masa yanzu can dare ya raba, sun riga mu da awa bakwai, sai gobe in sun shiga ofis.

Da ya fito sallar asuba ya kasa haƙuri, ya zarce gidan surukansa ya tsaya a waje yana gyaran murya har Ihsan ta fito. Amsa ta zo. Manaja Wang ya ba da haƙuri, shi ma da nasa dogon ladabin. Ya ce Liyo ya bar aiki, kuma duk maganar wannan oda a wayarsa ta kansa take, bai miƙa wa kowa ba. An gama kayan tun kafin hutu. Suna nan jibge a sito, ba suna a jikinsu, ba wanda ya san inda za a kai su. Yanzu da adireshi ya samu za a buga suna a ɗora su a mota cikin kwana uku. Ga hotuna.

Armaya'u ya karɓi wayar ya ƙura wa hoton ido. Kwalaye ne har rufi, an lulluɓe su da leda. In ka zaci zai yi murna, ba ka san shi ba.

"Tun kahin hutu! Suna zamne! Ni ina nan ana ce min na sai fili, su suna can suna shan inuwa! Ba wanda ya ce kayan wa na wanga? Ko akuya ta kwana gidanka ai ka yi cigiya!"

"Yaya, mutane na barci."

"Su tashi! Ki ce su sa su a jirgin sama, su biya, laihinsu na!"

Ta tambaya, da ladabi. Wang ya amsa cewa kaya masu batir ba a ɗaukarsu a jirgin sama haka kawai, sai da takardu na musamman, kuma kuɗin zai fi na famfunan kansu. Abin da zai iya, zai biya motar da za ta kai su Gwanju, ya ƙara musu robobi da bakunan feshi kyauta. Ihsan ta ce a sake gode masa. Armaya'u ya ce ta gode ita kaɗai, shi ya ƙoshi.

Kafin ranar kasuwa Ɗangiwa ya kira ya ce kaya sun shigo, ya turo hoton kwalayen a sitonsa, kowanne da ARMAYA'U TAMBUWAL da baƙin fenti, da takardar karɓa, da ranar da kwantena za ta tashi.

A Kebbe, mutanen Fakku suka kewaye rumfar. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa yana buɗe hoton da yatsa biyu yana neman sunan. Baba Maccido ya duba ya daɗe, ya kira Ɗangiwa da kansa, suka gaisa, ashe ya san kawunsa. Sannan ya mayar da wayar.

"Kaya na nan. Ba mu zuwa gaban hakimi." Ya dubi jama'a. "Wanda ya ce fili, shi taho shi nuna muna filin." Ba wanda ya motsa. Ya juyo ga Armaya'u. "Amma ɗana, lissafin ga naka ya matse. In ruwa ya riga jirgi fa?"

Armaya'u ya ɗaga hannu zai buga ƙirji, ya tuna abin da bugun ƙirji ya jawo masa, ya sauke hannu.

"In ya riga shi, ku hiddo tsohin famfunanku duka. Ni ka gyara su. Kyauta."

Ruwa kuwa ya riga jirgi. Kwantena ta makale a tashar Legas, hadari bai jira kowa ba. Armaya'u ya rufe shagonsa a daidai lokacin da ya fi ciniki a shekara, ya ɗaure akwatin kayan aiki a babur ya tare a Fakku. Ƙarƙashin wata tsamiya ya zauna, famfuna tsibi a gabansa, wasu tun zamanin da aka fara feshi, wasu kaza ta yi ƙwai a ciki. Yana gyara yana faɗa. Ya yi wa Iliya, ya yi wa tashar Legas, ya yi wa masu famfon da ba su san wanke tanki ba. Matan gari suna aiko masa da fura, yana sha yana cewa ba ta kai ta Jabo ba. Amma ba gonar da ta rasa feshin farko.

Sababbin famfunan sun iso ana shirin feshi na biyu. Aka sauke su a ƙofar gidan Baba Maccido, aka buɗe kwali, aka danna, abu ya yi ta fesawa shi kaɗai, tsofaffi suna dariya kamar yara. A nan cikin taron wani mutumin Sanyinna da ya zo kallo ya matso ya ce su ma ƙungiyarsu tana so baɗi, kuma an ce musu in dai amana ce, a nemi Armaya'u.

Armaya'u ya dube shi sama da ƙasa, hannuwansa duk sun faffashe da gyara.

"Sai yanzu kunka sani? Ku same ni shago bayan girbi. Kuma ku taho da wuri, don ni ba ni son jira."